Takardar Gayyatar Raɗin Suna

Bismillahir Rahmanir Rahim

Iyalan Alhaji Sani Abdullahi Gwammaja da na Malam Garba Idris Kurna suna farin cikin gayyatar Alhaji Musa Ɗanladi, tare da iyalansa, zuwa raɗin sunan jikansu, ɗa namiji wanda Allah Ya azurta 'ya'yansu Aminu Sani da Hauwa'u Garba da shi a daren Asabar, 3 ga Janairu, 2026. Muna godiya ga Allah da Ya sauki mai jego lafiya, kuma ita da jaririn suna cikin ƙoshin lafiya.

Za a raɗa sunan ranar Asabar, 10 ga Janairu, 2026, cikin watan Rajab na shekarar 1447 bayan Hijira, da ƙarfe 7:00 na safe, a ƙofar gidan Alhaji Sani, gida mai lamba 42, Layin Masallaci, unguwar Gwammaja, Kano. Limamin unguwa ne zai jagoranci addu'a, kuma a bakinsa jama'a za su fara jin sunan, shi ya sa ba mu rubuta shi a wannan takarda ba. Daga nan za a yanka ragon suna, a raba goro da dabino, sannan a karya kumallo tare. Muna roƙon a daure a zo a kan lokaci, domin addu'ar ita ce ainihin abin da muka tara jama'a dominsa, kuma ba ta ɗaukar lokaci mai tsawo. Wanda ya makara kaɗan sai ya tarar an shafa fatiha. Da yake lokacin sanyi ne, an tanadar wa dattawa da malamai wurin zama a cikin zaure.

Taron mata kuwa ba a Gwammaja za a yi shi ba. Kasancewar wannan ce haihuwarta ta fari, mai jego tana wanka a gidan iyayenta, don haka mata za su hallara a gidan Malam Garba, lamba 17, bayan makarantar Islamiyya, unguwar Kurna, daga ƙarfe 2:00 na rana, a tashi kafin sallar Magariba. Hajiya Binta, gwaggon mai jego, ita ce za ta tarbi baƙi a can.

Baƙinmu na nesa da za su kwana muna roƙon su sanar da Kabiru Sani, wan mai jariri, kafin ranar Alhamis, domin a shirya musu masauki. Wanda kuma uzuri ya hana shi zuwa, muna neman ya sa yaron a addu'a daga inda yake.

Allah Ya raya shi bisa tafarkin Musulunci, Ya sa mai jinƙan iyayensa ne, Ya ba ku ikon halarta, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya, amin.

Masu gayyata:
Alhaji Sani Abdullahi Gwammaja
Malam Garba Idris Kurna