Jawabin baffan ango wurin walima, auta na juya wa baƙi da Italiyanci

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne baffan ango, ƙanen mahaifinshi Allah ya jiƙan shi. Auta matso kusa da ni, in na faɗi kaɗan sai in tsaya ka juya ma baƙinmu da Italiyanci, kuma don Allah kar ka rage komi.

Ka fara ce musu sannu da zuwa Maradi. Mun san wahalar da suka sha, jirgi tun daga Milano har Yamai, sannan mota ta Doso da Dogon Dutsi da Konni, kilomita sama da 600 cikin wanga zafi, duk don yaronmu.

Abin da kuka gani da safe ƙofar gida a unguwar Zariya shi ne ɗaurin auren. Ni na roƙa, waliyyin amarya ya ba da, an faɗi sadaki jikka 50 gaban shaidu, liman ya yi fatiha, aka raba goro da dabino, shi ke nan aure ya ɗauru. Na ga madam, matar patiron ɗin ango, tana ta waige-waige tana neman amarya, ka faɗa mata amarya na cikin gida wajen gwaggonninta da lalle hannu da ƙafa, sai dare za a kai ta ɗakinta, kuma in kun ga tana kuka lulluɓe da mayafi ba dole aka yi mata ba, rabuwa da uwa ce.

To yanzu maganar da ta tsaida ni. Shekara 7 ke nan da yaron ga ya tafi Biresha ta ƙasar Italiya bai san kowa ba, sanyin farko ya kama mishi ƙirji ya kwanta asibiti sati 2, mu muna nan sai waya da addu'a, uwarshi ba ta barci. Wanga dattijo mai farin gashi da ke zaune nan, patiron ɗinshi na masana'anta, shi ya kai shi, matarshi kuma kullum da kwanon abinci, kuma ta tambaya ta ji abin da Musulmi ba ya ci ta kiyaye. Da azumi ma sun sassauta mishi aiki. Mu abin ga amana muke ce mishi. Auta ban san kalmar da za ka sa ba, in guda ba ta isa ka sa goma, kawai su gane ɗa muka ba Allah ajiya ya faɗa hannunsu suka riƙe shi kamar nasu.

Uwar ango kunya ba za ta bari ta yi magana kan ɗan fari ba, amma jar akuyar can da ke ɗaure gindin bedi ita ta ba da a yanka muku, ga turmin atamfa na madam, ga kilishi da ƙuli-ƙuli na guzuri.

Kai kuma ango, ɗiyar mutane ce aka ba ka, yadda aka riƙe ka a can haka za ka riƙe ta. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya maida baƙinmu gida lafiya.

Auta ka ce musu abincinsu ma na nan, mu taliya muke ce mishi, an yi ta da mai da yaji. Girasiye, mun gode ke nan. Bisimilla, a kawo ruwan wanke hannu.