Don Allah Mu Riƙa Ajiye Takardun Ƙungiya a ODF

Salam ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Jiya na so buɗe rahoton kuɗin gyaran rijiyar burtsatse da ma'aji ya turo, wallahi ya ƙi buɗuwa a wayata don da Pages na iPhone ya rubuta, sakatare kuma da ya buɗe nasa teburin lissafin duk ya wargaje. Shi ya sa nake roƙo mu tsaya kan tsari ɗaya, ODF, wato .odt na rubutu, .ods na lissafi. Ba mallakin wani kamfani ba ne, tun 2006 ISO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin inganci na duniya, ta amince da shi, manhajar LibreOffice da ke ajiye takardu a ODF kyauta ce kuma Word da Google Docs duk suna buɗe shi. Ko an canza shugabanni nan da shekara goma takardunmu za su buɗu ba sai an sayi lasisi ba. Wanda bai iya ba ya zo da laftof ɗinsa mitin na Asabar in nuna masa, minti biyar ne.