Tuntuɓa kan takardar neman aikin malamin gona da na aiko ranar 8 ga Satumba

Talata, 16 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum, Hajiya.

Barka da war haka. Ina fata kina lafiya, da iyali da abokan aiki baki ɗaya. Yaya ƙoƙari, yaya kuma damina? Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Sunana Sani, daga Kura. Ni ne na aiko da takardar neman gurbin malamin gona da kamfaninku ya tallata, wanda zai riƙa zagaya manoman tumatir da kuke hulɗa da su a Kura da Garun Malam da Bunkure. Na turo ta ta wannan adireshin imel ranar Litinin, 8 ga wata, da hantsi. Na san mako guda ba wani dogon lokaci ba ne a wajen ɗaukar ma'aikata, ballantana an ce sai ranar Juma'ar da ta wuce aka rufe karɓa, don haka ba sakamako nake tambaya ba. Hankalina ne bai kwanta ba a kan ko saƙon ya iso cikakke, sannan akwai takarda ɗaya da na ce zan biyo da ita.

Ranar da na turo, sabis yana ta ɗaukewa a wajenmu saboda hadari, sai da na gwada sau uku kafin wayar ta nuna saƙon ya tafi. Takardu huɗu na haɗa, dukkansu PDF: wasiƙar neman aikin, tarihin karatuna da ayyukan da na yi, shaidar babbar diflomata ta Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da shaidar kammala hidimar ƙasa. Idan an buɗe an tarar babu ɗaya, ko ta ƙi buɗuwa, layi ɗaya ya isa a sanar da ni in sake turowa. In kuma sau uku saƙon ya shigo muku, a yi mini afuwa, na ƙarshen shi ne cikakke.

Takardar da na yi alkawari ita ce ta shaida daga shugaban ƙungiyar manoman rani da na yi wa aiki kaka uku. Lokacin da na turo sauran yana Legas, ya bi motocin kaya. Ya dawo ranar Asabar, ya sa hannu, ga ta nan na maƙala ta a wannan saƙon da sunan shaidar-aiki.pdf. Ya ce a kira shi duk lokacin da aka so, lambarsa tana ƙasan takardar. Sai dai in za a kira, bayan la'asar ya fi, don da safe yana cikin gona, wayar kuma tana aljihun rigar da ya rataye a bukka.

Ranki ya daɗe, tunda na riga na buɗe baki, a ba ni izini in ƙara abu ɗaya da na ga ban fayyace a wasiƙar farko ba. Sanarwarku ta ce kuna son wanda ya san tsutsar nan da manoma suke kira sharon. Ni kuwa abin da na rubuta kawai shi ne ina da masaniya a kanta, wanda kowa ma zai iya faɗa. A gonar mahaifina na fara saninta, a 2016, shekarar da ta cinye tumatirin Kadawa da kewaye. Ina tuna safiyar da muka shiga gonar: ganyen duk ya yi zane-zane fari kamar an kankare shi, in ka ɗaga shi ga rana kana hango 'yar tsutsar kwance a tsakanin fatar ganyen. Baba ya yi feshi har ya gaji, maganin bai isa inda take ba. Kafin sati biyu gonar ta zama kamar an sa mata wuta.

Shi ya sa da na fara aiki da ƙungiyar, ban fara da maganar magani ba. Manoma arba'in da biyu ne a hannuna, na ce kowa ya ba ni rabin awa sau biyu a sati mu duba bayan ganye tare, tun shuka tana gadon reno. Muka kafa tarko mai ƙamshin da yake jawo mazan malam-buɗe-littafin da tsutsar take rikiɗa ta zama, muna ƙirga abin da ya kama, ƙirgar ce take faɗa mana lokacin feshi. Na kuma dage a kan kada a maimaita magani mai sinadari iri ɗaya a jere, domin tsutsar tana saurin sabawa da shi, kuma a tattara karan tumatir a ƙone bayan an gama tsinka. Ba kowa ne ya yarda da ni a kakar farko ba. Wani dattijo ma ce mini ya yi tun ban san hanyar gona ba yake noman tumatir, kuma gaskiya ya faɗa. A kaka ta biyu shi ya fara aiko jikansa karɓar tarko.

Haka ma batun kwando da kiret ɗin roba. Na sha tsayawa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ina kallon yadda ake ɗora kwando kan kwando, na ƙasa yana tsiyayar ruwa tun mota ba ta tashi ba. Na ga a sanarwarku kuna raba wa manomanku kiret, wannan ma yana cikin abin da ya ja ra'ayina ga aikin.

Sai maganar inda za a same ni. Daga Alhamis 18 ga wata zuwa Lahadi 21 zan je ƙauyenmu taya ƙanin mahaifina gyaran gadajen reno, tunda lokacin yafa iri ya zo. Sabis a can sai an hau tudu. Idan aka kira ba a same ni ba, a bar mini saƙon tes a lambar da ke saman takarduna, ina dubawa kullum bayan magariba. Daga Litinin 22 ga wata ina Kura, kuma duk ranar da aka neme ni ganawa zan iya shigowa Kano da safe. Ina da babur da lasisi, kamar yadda sanarwar ta buƙata.

Na san takardun da ke gabanku suna da yawa, kuma ba mutum ɗaya ne yake yanke hukunci ba. Idan akwai lokacin da kuka tsara za ku tuntuɓi waɗanda aka zaɓa, zan ji daɗi a faɗa mini ko da a ƙiyasce ne, sai in jira har lokacin ba tare da na sake damun ki ba. Idan kuma ba ofishinki ne yake duba wannan gurbin ba, ina roƙon a miƙa saƙon ga wanda ya dace.

Na gode da lokacinki, Hajiya. Allah ya ƙara girma, ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Wassalam,
Sani
Kura, Jihar Kano