Rahoton Binciken Kuɗin Makaranta na Zangon Farko, 2025/2026

Daga ofishin ma'aji zuwa ga Shugaban Makaranta
Aboabo, Kumasi
Litinin, 15 ga Disamba, 2025

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Kamar yadda ka umarta, na haɗa littafin rasit da takardar bayanin asusunmu na banki da saƙonnin Momo da ke wayar ofis, na bi su aji aji. Ga abin da na samu.

Rajista ta nuna ɗalibai 372: azuzuwan ƙananan yara 62 a kan sidi 450, firamare 214 a kan sidi 550, ƙaramar sakandare 96 a kan sidi 700. Jimla sidi 212,800 ke nan. In aka cire sidi 4,400 na marayu takwas 'yan firamare da kwamiti ya yafe wa, abin da ya kamata ya shigo shi ne sidi 208,400. Littafin rasit ya ce an karɓi sidi 191,350. Abin da na gani da idona kuwa sidi 188,700 ne: 128,600 a banki, 46,900 daga Momo, sai 13,200 tsabar kuɗi, haɗe da wanda aka kashe kan alli da wutar lantarki, kuma takardunsa suna nan. Saura sidi 2,650 ke nan tsakanin littafi da hannu.

Azuzuwan ƙananan yara sun fita lafiya lau, an karɓi 26,100, yara huɗu ake bi 1,800. Haka firamare aji 1, 2, 3 da 6, da ƙaramar sakandare aji 1 da 3, kowane rasit ya hau kan kuɗinsa. Waɗannan na sa musu hannu.

Daga cikin giɓin, sidi 880 na gano bakin zarensa. An rubuta wa wata ɗaliba 'yar aji 2 na ƙaramar sakandare rasit sau biyu a kan biya ɗaya na sidi 700: mahaifiyarta ta biya a banki, washegari yayanta ya kawo takardar shaida aka sake rubutawa. Na soke na biyun. Sidi 180 kuma ladan cire kuɗi ne a wurin mai Momo, wanda ba a shigar a littafi ba. Kada wani ya ce harajin tura kuɗi ta waya ne, domin gwamnati ta soke shi tun watan Afrilun 2025.

Sauran sidi 1,770 shi ne ya hana ni rufe littafin. A aji 4 na firamare akwai rasit biyu da kwafinsu ya ce 550 kowanne, amma takardar banki da aka manna musu ta ce 350. Sidi 400 ke nan. Mai yiwuwa iyayen rabin biya suka yi, aka rubuta cikakke saboda sabo da hannu, amma sai na ga rasit na asali da ke wurinsu kafin in yarda. A aji 5 kuma rasit uku, na 550 da 470 da 350, an rubuta a kansu cewa ta Momo aka biya, alhali lambobin shaidar da aka sa babu su a wayar ofis, babu su a bayanin asusun. Duka ukun a mako ɗaya aka rubuta su cikin Oktoba, lokacin da wayar take wurin gyara. Ina zaton hoton saƙo iyayen suka nuna aka karɓa, ko kuwa sun tura ta lambar wani malami ne don su huta da zuwa. Ban tuhumi kowa ba, kuma ina roƙo kada a ambaci sunan malami ko a kori yaro gida a kan wannan tukuna.

Akwai kuma sidi 550 da ya shigo a Nuwamba daga lambar da ba mu da ita a rajista. Na ajiye shi gefe, ban sa shi a lissafin nan ba. Wataƙila na ɗaya daga cikin ukun nan ne.

Bayan soke rasit ɗin da aka maimaita, bashin da ake bin iyaye ya koma sidi 17,750, ba 17,050 da aka faɗa wa kwamiti ba. Ya kamata a gyara musu.

Ina neman izininka, ranka ya daɗe, in kira iyaye biyar ɗin nan ranar Laraba su zo da rasit da wayoyinsu, kafin a tafi hutu. Ina kuma ba da shawara daga zango mai zuwa kada a rubuta rasit na Momo sai an ga saƙon a wayar ofis, kuma a sanar da iyaye a rubuce cewa lamba ɗaya tak makaranta ke karɓar kuɗi da ita. Littattafai da takardun duka suna ofishina in kana son dubawa da kanka.

Allah ya ƙara girma.

Ma'ajin Makaranta