Takardar Sallamar Malam Isyaku Daga Asibiti Zuwa Ga Likitan Iyalinsa

Sashen Kula Da Ciwon Zuciya, Kumasi

Zuwa ga Likita Hajara, Aboabo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yau muka sallami majinyacinki Malam Isyaku, ɗan shekara 54, mai sana'ar goro, bayan kwana 6 a wurinmu. Wannan ne karo na farko da jijiyar zuciyarsa ta toshe.

An kawo shi awa 3 bayan ƙirji ya danne shi, yana ta gumi da amai. Na'urar awon zuciya ta nuna toshewar a ƙasan zuciya take, muka ba shi sitireftokines yunit miliyan 1.5 cikin awa ɗaya, ciwon ya lafa. Ki rubuta a katinsa cewa kada a sake ba shi wannan allura, domin jiki na gina garkuwa a kanta. Hoton zuciya ya nuna ƙarfin harba jini kashi 45 cikin 100. Mun tura shi hoton jijiyoyin zuciya.

Ya tafi da asfirin miligiram 75 kullum har tsawon rayuwa, da kilofidogirel miligiram 75 kullum na wata 12. Su biyun ne suka fi damuna. Mutanenmu da sun ji sauƙi sai su ajiye magani, alhali barin waɗannan da wuri na iya sake toshe jijiyar. Idan ya ga baƙin bayan gida ko haɓo ya ƙi tsayawa, a auna yawan jininsa a kira mu, kada ya tsayar da magungunan da kansa. Mun haɗa masa fantofirazol miligiram 40 don kare ciki. Kada a musanya shi da omefirazol, yana rage ƙarfin kilofidogirel. Ya saba sayen dikilofenak a kemis saboda ciwon baya. Mun hana shi, har da ibufirofen. Farasitamol ya ishe shi.

Sauran su ne atobastatin miligiram 80 da dare, bisofirolol miligiram 2.5 da safe, da lisinofiril miligiram 2.5. Don Allah ki auna aikin ƙoda da fotasiyam nan da mako 2. Idan kiriyatinin ya haura da fiye da kashi 30 cikin 100, ko fotasiyam ya wuce 5.5, ki dakatar da lisinofiril ki sanar da mu. In lafiya lau, ki riƙa ƙara yawan lisinofiril da bisofirolol a hankali, muddin bugun zuciya bai sauka ƙasa da 50 ba kuma ba ya jiri. Muna son awon jini ƙasa da 130/80. Busasshen tari in ya dame shi, a koma losatan. Kumburin leɓe ko harshe kuwa na gaggawa ne, a daina lisinofiril nan take. Kitsen jini a sake aunawa bayan mako 8, muna neman mugun ya sauka ƙasa da 1.4.

Yana da ƙwayar nitirogilisarin ta ƙarƙashin harshe. Mun koya masa ya zauna kafin ya sa ɗaya, in bayan minti 5 ciwon na nan a kira 112. Ki yi masa magana a keɓe kan maganin ƙarfin maza da tsimin da ake tallansa a kwalabe: haɗa irinsu da wannan ƙwaya na iya faɗar da jini ƙasa warwas. Kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Kusantar iyali ba laifi idan ya iya hawa bene hawa biyu ba haki.

Motsa jiki ya fara da tafiyar minti 10 sau biyu a rana, da sassafe ko bayan la'asar, ya riƙa ƙarawa har minti 30 kwana 5 a mako, da saurin da zai iya magana ba numfashi ya yanke ba. Zuwa masallacin unguwa da ƙafa mafari ne mai kyau. Ɗaukar buhun goro da tuƙi su jira sai mun gan shi, amma bayan mako 4 zai iya zama a rumfa yara su yi ɗawainiyar.

Taba ce babbar matsala. Yana shan kara 10 a rana, kuma tun da ya kwanta bai taɓa ba. Ki tambaye shi duk zuwan da zai yi. Mun zauna da uwargidansa, Hajiya, tunda tukunya a hannunta take: gishiri duka-duka kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a rana, a rage dunƙule da kifin gishiri irin momoni da kobi. Tuwon zafi da miyar ayoyo ba matsala in an rage manja. Wake da shinkafa ma haka, ban da soyayyen nama da yawan shito. Goro ya rage, yana tsananta bugun zuciya.

Ya tambayi azumin Litinin da Alhamis da ya saba. Mun ce ya dakata tukuna, za mu duba batun tare da na Ramadan idan ya dawo. Na lura barci na yi masa wuya kuma yana yawan shiru, ki sa ido ko damuwa ce ke shigarsa.

Za mu gan shi nan da mako 6. Ya zo da duk magungunansa a leda da sakamakon awon da kika yi.

Wassalam,
Likita Sani
Likitan zuciya