Jawabin Taron Safe: Faɗaɗa Karatu Shi Ke Raya Son Sani

Assalamu alaikum. Shugaban makaranta, 'yan uwana malamai, 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da safiya.

Ku dubi hazon da ya lulluɓe Gombe yau. Wa ya taɓa tambayar daga ina yake tasowa? Kaso mai yawa na ƙurar nan daga Bodele yake, wani kwari a arewacin Chadi wanda a da ƙasan wani ƙaton tafki ne. Da tafkin ya ƙafe, sai ya bar ɓurɓushin ƙananan halittun ruwa, su ne iskar hunturu take kwasowa. Wata ƙurar har tekun Atlantika take tsallakawa, ta sauka a dajin Amazon ta zama taki. Wanda ya karanta wannan ba zai tsaya nan ba. Zai so ya san abin da ya ƙafar da tafkin, da yadda ƙura ke yin irin wannan nisa ba ta faɗo ba. Tambaya ɗaya ta kai shi labarin ƙasa, ta kai shi kimiyyar halittu, ta kai shi tarihi.

Wanda kuwa bai taɓa wuce littafin darasi da tsofaffin tambayoyin WAEC ba, amsar da wani ya riga ya shirya kawai yake haddacewa. A hankali sai ya daina tambaya, kuma wannan ne yake damun mu malamanku ƙwarai.

To, ga yadda za ku yi. Minti 20 a kullum ya isa, bayan la'asar ko kafin magariba, a zaune, waya tana wani ɗaki. Karatu a kwance bayan isha'i barci yake kawowa tun ba a gama shafi biyu ba. Kafin ku ari littafi, ku buɗe tsakiyarsa ku karanta shafi guda. In kalmomin da ba ku sani ba sun haura 5, ku mayar ku ɗauki mai sauƙi. Ba abin kunya ba ne, littafin da ya fi ƙarfin mutum shi ke sa ya tsani karatu. Kada ku jera iri ɗaya sau biyu: in kun gama labari, ku ɗauki na tarihi ko na noma, ko jarida, da Hausa da Turanci da Larabci ga mai iyawa. Ɗan ajin kimiyya ya karanta rubutattun waƙoƙi, 'yar ajin adabi ta karanta yadda ake ƙona farar ƙasa a yi siminti a Ashaka.

Kowa ya ware shafi 4 na ƙarshen littafin rubutunsa. Duk ranar da kuka yi karatu, ku rubuta tambaya guda da karatun ya tayar muku, tare da lambar shafin. In babu lambar, nemo wurin daga baya wahala ne.

Ɗakin karatu yana buɗe lokacin tara, da kuma bayan an tashi har ƙarfe 3. Aro na mako 2 ne. Ran Juma'a shugaban kowane aji zai kawo tambayoyi 3 daga ajinsa, mu karanta su a nan. Na gode.