Rahoton ƙarewar takardar shaidar TLS a shafin abokan ciniki, da matakan gyara

Daga sashen kula da na'urori, ofishin Birnin Kebbi, zuwa ga ma'aikatan duti da masu karɓar ƙorafi.

Assalamu alaikum. Safiyar Litinin da ƙarfe 6:12 wa'adin takardar shaidar shafinmu ya cika. Daga nan duk wanda ya buɗe shafin sai ya ci karo da gargaɗi: a Chrome `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`, a Firefox `SEC_ERROR_EXPIRED_CERTIFICATE`. Dillalanmu na Argungu da Jega, masu duba odar shinkafa da sassafe, su suka fara kira. Shafin ya dawo ƙarfe 8:40. Ba kutse aka yi ba, kuma babu bayanin da ya fita.

Takardar daga Let's Encrypt take, kwana 90 take yi, kuma certbot, manhajar da ke sabunta ta, kan fara neman sabuwa idan saura kwana 30. Kafin a ba da sabuwa, Let's Encrypt sai ta tabbatar shafin namu ne, ta hanyar neman wani ɗan fayil ta ƙofa ta 80. To, wata biyu da suka wuce an rufe wannan ƙofa a katangar tsaro, bisa tunanin cewa ƙofa ta 443 kaɗai ake buƙata. Wata guda cur certbot yana gwadawa yana faɗuwa, yana rubuta kuskuren a `/var/log/letsencrypt/` inda ba mai dubawa. Let's Encrypt kuma ta daina aika imel ɗin tunatarwa tun watan Yuni 2025, don haka babu abin da zai farkar da mu daga waje.

Idan hakan ya sake faruwa, mai duti ya fara tabbatar da cewa takardar ce ta ƙare. Wayar da agogonta ya karkace ma tana nuna irin wannan gargaɗi, saboda haka idan mutum ɗaya ne ke kuka, a ce ya duba kwanan wata a wayarsa tukuna. A kan saba kuwa:

```
openssl x509 -enddate -noout -in /etc/letsencrypt/live/portal/fullchain.pem
```

Lokacin da zai fito na GMT ne, sai a ƙara awa ɗaya a samu namu.

Sannan a buɗe ƙofa ta 80, a yi gwaji kafin a nemi takarda ta gaske:

```
certbot renew --dry-run
certbot renew
nginx -t && systemctl reload nginx
```

Kada a tsallake gwajin. Let's Encrypt tana ƙayyade faɗuwa biyar a awa ɗaya ga suna guda, kuma mai gaggawar da ke maimaita umarni ba tare da karanta kuskure ba zai iya kulle kansa a waje, abokan ciniki suna jira. Layi na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: sabuwar takarda tana iya zama a faifai alhali nginx, manhajar da ke miƙa shafin, yana miƙa tsohuwar da ya ɗauka tun da aka tayar da shi. Shi ya sa duba fayil bai wadatar ba. A ɗauki waya, a kashe intanet ɗin ofis, a shiga shafin da data, a buɗe bayanin takardar a ga sabon kwanan wata da ido.

Masu karɓar ƙorafi, don Allah kada ku ce wa kowa ya danna `Advanced` ya wuce. Shafinmu yana da HSTS, tsarin da ke tilasta wa burauza shiga ta amintacciyar hanya kaɗai, saboda haka burauzar da ta taɓa shiga ba za ta ba shi hanyar wucewa ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda muka koya wa tsallake gargaɗi yau, gobe zai tsallake na shafin bogi ya miƙa kalmar sirrinsa. Ga saƙon da za a tura:

"Ranka ya daɗe, takardar tsaron shafinmu ce wa'adinta ya ƙare, muna sabunta ta yanzu. Asusunka da odarka suna nan lafiya. Kada ka shigar da kalmar sirri sai gargaɗin ya ɓace. Ba za mu taɓa kiranka mu nemi lambar sirri ba. A yi mana haƙuri."

Kafin Juma'a za a kafa mai sa ido daga wajen sabarmu, wanda zai duba takardar da shafin ke miƙawa kullum, ya aika saƙo ga mutum biyu idan saura kwana 21. Ganin wannan saƙo yana nufin sabuntawa ta riga ta yi kwana tara tana faɗuwa, a ɗauke shi a matsayin matsala ta ranar. Za a kuma saka `--deploy-hook` don nginx ya ɗauki sabuwar takarda da kansa. Duk wanda zai taɓa katangar tsaro daga yanzu, ya gudanar da `certbot renew --dry-run` kafin ya rufe aikinsa, ya liƙa sakamakon a rajistar duti.